Wayata ta makale a kan logo, in na yi wipe cache hotunana za su goge?

Salam jama'a, a taimaka min. Wayata Samsung ce, tun daren jiya ta ki shiga ciki, in na kunna sai logo ya fito ta dan girgiza, bayan kamar sakan 20 allon ya yi baki ta sake tashi, haka take ta yi har bayanta ya dau zafi.

Abin ya fara ne lokacin da take sabunta manhajarta, batir 15% ne kawai kuma ma'ajiyar ta kusa cika, aka dauke wuta ta mutu ana tsakiyar aikin. Ni dai zargina fayilolin ne suka lalace.

Na bar ta a caji awa 2, na cire katin memori da sim, na danne Volume Down da Power tare har ta mutu ta taso, duk a banza. Madannin Power din ma na duba, bai makale ba. Da kyar na shiga recovery mode, sai da na jona ta da kwamfuta sannan na danne Volume Up da Power. Na zabi Reboot system now, ta koma gidan jiya.

Yanzu ina kallon Wipe cache partition da Wipe data/factory reset. Na biyun na san komai yake sharewa, kuma zai nemi akawun din Google bayan haka, shi ya sa ban taba shi ba, hotunan bikin kanwata duk suna ciki ban kwafe ba.

In na danna Wipe cache partition kadai, hotunan nan za su tsira?