Wasan ayo: ta ina zan kare 'ya'yana?

Jama'a, masana ayo na Yarbawa, ku taimaka. Muna buga wanda ake cin biyu ko uku. Ramukana daga hagu: 2, 1, 0, 5, 2, 0, kuma ni ke da wasa. Abokina yana da 2 a raminsa na shida, 6 a na biyar.

Idan ya zuba biyun nan, ƙwayar ƙarshe a ramina na biyu za ta sauka, ya kwashe biyar. Idan na kwashe ramin na biyu, sai shidansa ta ƙare a ramina na biyar, ya ci uku. Biyar ɗina kuwa ba ta kai ramukansa biyun nan, balle in ɓata masa lissafi.

In haƙura da ukun ne, ko akwai wata mafita?