Neman kalma: giɓin ƙidaya da rage ƙimar kayan da suka yi kwantai

Akawun Kwari: Salamu alaikum. Ana shirya takardar ƙidayar kaya ta ƙarshen shekara da Hausa, domin yaran sito su riƙa cikewa da kansu. Gurbi uku ne suka gagara. Na farko, abin da littafi ya ce akwai amma ƙidaya ba ta same shi ba. Na biyu, gurbin da manhaja take rubuta wa `NRV`, wato abin da ake sa ran kayan za su kawo in an sayar, bayan an cire kuɗin fitar da su. Na uku, ragin da ake yi wa kuɗin kaya a littafi idan wannan adadin ya gaza kuɗin saye, wanda rahoton odita yake kira `write-down`. A kasuwa duk ukun asara ake ce musu, kuma a ganina kalma ɗaya ba za ta ɗauke su ba.

Baban Sito: Wa alaikumus salam. Na farkon ai yana da suna, shot muke cewa: kaya sun yi shot. Na ukun kuma kwantai ne. Me ya rage?

Malama Mai Alli: Baba, kwantai ya dace da kayan, amma bai dace da ragin ba. Kwantai hali ne na kaya, sun zauna ba su tafi ba. Ragin kuwa aiki ne da akanta yake yi a littafi, kuma ba duk kwantai ake rage wa ba. Turmin da ya shekara a sito, in dai har yanzu zai dawo da kuɗinsa, ba a taɓa shi. Shot kuma kowa yana ji, sai dai a rubuce na fi son giɓi, don tagwai ne da rara: giɓin ƙidaya, rarar ƙidaya.

Dalilin raba sunayen shi ne, giɓi magana ce ta yawa, ragi magana ce ta ƙima, kuma dole a gama da yawa kafin a shiga ƙima. Ga misali da atamfa, alƙaluman na misali ne kawai. Littafi ya nuna turmi 400 na zane ɗaya, kowanne an saro shi a kan ₦9,000 har da kuɗin mota zuwa sito. An ƙirga an sami 390. Goman nan ba giɓi ba ne tukuna, saɓani ne kawai. Da farko a sa wasu mutum biyu daban su sake ƙirgawa, ba tare da an gaya musu adadin littafi ba, domin wanda ya san ana neman 400 idonsa zai nemo masa 400. Sannan a ɗauko webil na ƙarshe da aka yanka kafin a rufe ƙofa, a bi na kwana biyu ko uku baya. Mu ce an tarar da turmi 6 sun fita da yammacin jajibirin ƙidaya, an ɗora wa mai saye a mota, amma ba a shigar da cinikin ba. Wannan ba ɓata ba ne, ciniki ne da ya makara, sai a shigar da shi. Turmi 4 da suka rage ba bayani su ne giɓi, kuma da kuɗin saye ake rubuta su: ₦36,000.

Baban Sito: Nan kin taɓo inda yake mana ciwo, Malama. Sau da yawa duk goman ake ɗora wa yaron sito, kuma da farashin sayarwa. Akwai wani abin da ba ki faɗa ba. Zane biyu masu kama, ja mai fure da ja mai ganye, yaron shago ya sayar da wannan ya rubuta lambar wancan. Ranar ƙidaya ɗaya ya yi giɓin biyar, ɗayan ya yi rarar biyar. Duk inda aka ga giɓi da rara sun zo daidai a kaya masu kama, a duba lamba kafin a zargi kowa. Sai kuma dilar da ba a kwance ba, ana rubuta abin da ke jikin takardarta alhali ko an taɓa zara a ciki an ɗaure. Ni ko ba a kwance duka ba, a kwance biyu ko uku, kuma duk wadda ɗaurinta ya canja a kwance ta. Kayan ajiyar mutane ma a ware su gefe tun kafin a fara, in ba haka ba su rufe giɓin da yake na gaske.

Ɗan Singa: Ni fa na ɗauka wannan `NRV` ɗin shi ne ƙimantawar da muke yi lokacin fitar da zakka. Ana duba kayan shago a sa musu farashin ranar. Me zai hana a ce ƙimar kasuwa a huta?

Malama Mai Alli: Sun yi kama, Alhaji, amma sun rabu a wuri biyu. Ƙimantawar zakka ga ɗan kasuwa mai jujjuya kaya tana bin farashin ranar ko ya hau ko ya sauka. Ƙa'idar lissafin haja, wato IAS 2, hanya ɗaya take bi: a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin kuɗin saye da abin da kayan za su kawo. In kasuwa ta hau, littafi yana nan a kuɗin saye har sai an sayar. Na biyu, ba farashin kasuwa tsura ake ɗauka ba, sai an cire abin da za a kashe kafin kayan su fita, da kuɗin kammala su in ba a gama haɗa su ba.

Mu koma kan turmi 390 ɗin. Da aka baje su, 350 lafiyarsu ƙalau, zanen ne kawai yayinsa ya wuce. Rasit na cinikin baya-bayan nan ya nuna ana sayar da su ₦8,200, ba ₦10,500 da ke rubuce a jikin leda ba. Dillali zai karɓi la'ada ₦200 a turmi, dako da leda ₦100. Abin da zai rage ₦7,900 ne, ƙasa da kuɗin saye da ₦1,100. A turmi 350 ragin ya kama ₦385,000. Sauran 40 ɗin suna ƙasan jibgi ne, damina ta taɓa su, gefensu ya yi tabo. Waɗannan ba za su wuce ₦5,000 ba, in an cire ₦300 ɗin saura ₦4,700, ragin kowanne ₦4,300, jimilla ₦172,000. Ke nan kayan da littafi ya riƙe a ₦3,510,000 za su koma ₦2,953,000, kuma ₦557,000 ɗin ya shiga kashe-kashen kuɗin wannan shekarar, ba shekarar da za a sayar ba.

Ku lura da nisan da ke tsakanin ₦36,000 da ₦557,000. In an haɗa su a layi ɗaya an rubuta asara, maigida zai je yana neman ɓarawo, alhali mafi yawan kuɗin sun tafi ne a sarin da ya wuce kima da rufin da ke yoyo.

Akawun Kwari: To sunan fa? Na yi tunanin tsabar ƙima, ko kuɗin hannu.

Odita Na Zariya: Kuɗin hannu kam a'a, kowa zai ɗauka ciniki ne ba bashi ba. Tsaba ma kuɗin da ke cikin akwati take kawowa a rai, alhali wannan kirdado ne, ba a sayar ba tukuna. Ni na fi karkata ga tatacciyar ƙima, tunda an tace farashin an fitar da la'ada da dako. Ragin kuma a ce zaftare ƙima. Sokewa a bar wa kayan da aka fitar daga littafi gaba ɗaya, kamar giɓin nan na turmi 4 ko magani da wa'adinsa ya ƙare. Zaftarewa tana barin saura, sokewa ba ta bari.

A takardar lissafi ta kwamfuta, in gurbin `B` yawan da aka ƙirga ne, `C` kuɗin saye, `D` farashin da ake sa ran samu, `E` kuɗin fitarwa, ukun nan duk na turmi ɗaya, zaftarewar ita ce:

```
=B2*(C2-MIN(C2,D2-E2))
```

`B` ya zama na ƙidaya, ba na littafi ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaftare a kan 400, sannan a soke giɓi da cikakken kuɗinsa, a ci turmi ɗaya sau biyu. Kuskure na biyu, a tara duk atamfar sito a kwatanta jimilla da jimilla. Sabon zane da aka saro ₦9,000 yana tafiya ₦12,000 sai ya haɗiye faɗuwar tsohon, takarda ta nuna ba komai. Layi-layi ake yi. Ana iya haɗa kaya iri ɗaya masu kasuwa ɗaya waɗanda ba sa rabuwa, amma ba a haɗa ribar da ba ta zo ba da faɗuwar da ta riga ta bayyana.

Ɗan Singa: Mu a wajenmu abin da sauƙi. Duk abin da ya haura wata shida a cire kashi 25, wanda ya shekara a cire rabi.

Odita Na Zariya: Wannan jadawalin yana nuna inda za a duba ne, Alhaji, ba ya maye gurbin dubawar. A kayan masarufi wa'adin da ke jikin katan ya fi tsawon zaman muhimmanci: madarar da ta shigo wata biyu da suka wuce amma saura mata sati uku ta fi gishirin da ya shekara haɗari. In za a yi aiki da kaso, a gwada shi da rasit na cinikin da aka yi bayan rufe shekara, a ga ko ya yi kusa da gaskiya.

Baban Sito: In kuma zanen ya dawo yayi gab da Sallah fa? Yakan faru.

Malama Mai Alli: Sai a mayar, Baba, amma iya abin da aka zaftare. Ko tatacciyar ƙimar ta kai ₦9,700, turmin da ke sito ba zai wuce ₦9,000 a littafi ba. Wannan gurbin a kira shi mayar da ƙima. Inda ni da Malam Odita ba mu daidaita ba shi ne sunan na biyu. Tatacciyar ƙima ta yi kyau a rahoto, amma yaron da zai cike takarda ba zai san me zai rubuta ba. A kan gurbin ni zan sa: abin da zai rage bayan an sayar.

Odita Na Zariya: Wannan jimla ce, Malama, ba suna ba, kuma wani zai karanta ta a matsayin riba. A sa sunan a sama, jimlar a ƙasa da ƙananan baƙaƙe.

Akawun Kwari: Na rubuta giɓin ƙidaya, kwantai, zaftare ƙima da sokewa. Gurbin na biyu zan buga shi iri biyu a gwada a sito biyu. Saura tambaya ɗaya: albashin yaron da aikinsa kawai tallata kwantan nan, yana shiga `E` ko ba ya shiga?

Odita Na Zariya: Hayar ofis da albashin akawu ba sa shiga. Na yaron tallan yana iya shiga, domin ƙa'idar ta ce kuɗin da sayarwar ba za ta yiwu ba sai da su, ba ta taƙaita ga la'ada ba. Turo yadda ake biyansa, wata-wata ne ko a kan turmi, sai a ga yadda za a raba.