Neman kalma: mene ne "gabari" da Hausa, wannan na masu rubuta allon abinci?

Ɗan mai tuwo, Garin Malam:
Salamu alaikum jama'a. Innata na da rumfar abinci, ni nake rubuta mata allon da ake jera sunan abinci da kuɗinsa. Kullum layin sama ya fito da manyan haruffa, kafin in kai ƙasa sun ƙanƙance sun karkace. Wani mai fenti a wajen Kasuwar Dole ya ce mini sai na yi "gabari". Ya nuna mini wani siririn kwali mai tsaga-tsaga a gefe, yana cikin aiki ban samu na tambaye shi sosai ba. Yaya ake yinsa, kuma me za mu kira shi da Hausa? Inna ba ta son in riƙa yi mata Faransanci a kan allonta.

Direban Tanut:
Wa alaikumus salam. Ai gabari girman jiki ne, kamar a ce ɗan kokawa yana da gabari, ko babbar mota. Ka ce "girman harafi" kawai.

Tela a Sabon Gari:
Ba kwalin nan ba ne da ake huda siffar harafi a ciki, a ɗora a shafa fenti? In shi ne, mu ce "hudadden kwali".

Mai fenti, Zango:
Malam direba, maganarka na kan hanya, kalmar tana ɗaukar wannan ma'anar, amma a wurinmu kayan aiki ne. Shi kuma wanda tela ya kawo foshuwar ne, yana ba ka siffar harafin gaba ɗaya. Gabari tsawo kaɗai yake tsare maka, hannunka ne ke rubutu.

Ƙanena, bari in yi maka lissafi da allo mai tsawon santimita 90, faɗi 70, abinci kala 7. Bar 5 a sama, 5 a ƙasa, saura 80. Sunan rumfa ya ci 10, a bar fili 7 a ƙarƙashinsa, saura 63. Raba 63 gida 7, kowane layi ya samu 9: harafi 6, fili 3. Harafin santimita 6 mutum na karanta shi daga mita 6 ko 7 ba tare da ya matse ido ba, wato daga bakin hanya.

Sai ka yanko kwali mai tauri daidai tsawon allon, ka auna waɗannan wuraren sau ɗaya tak, ka tsaga gefensa a kowane wuri. Ka rubuta "sama" a kansa. Jingina shi a gefen hagu na allo ka ɗiga alli a kowace tsaga, ka kai shi gefen dama ka maimaita. Daga nan ka shafe zare da alli sosai, mutum biyu su riƙe shi a miƙe tsakanin ɗigon hagu da na dama, ka ɗaga tsakiya kaɗan ka saki. Zai bar siririn layi miƙaƙƙe. Kafin shayi ya tafasa ka gama duka layukan.

Abin da ya sa ya fi auna layi ɗaya-ɗaya da mita: in kana zamewa da milimita 2 a kowane layi, kuskuren taruwa yake yi, a layi na 7 ya kusa santimita ɗaya da rabi. In hagu ya zame dama bai zame ba, ga karkacewar da kake kuka da ita.

Mu dai a bakin aiki "ma'auni" muke cewa in ba mu ce gabari ba.

Mushe mai ritaya, Birni:
Madalla da wannan bayani. Amma ma'auni ya yi faɗi, ɗana. Tiya ma'auni ce, sikeli ma'auni ne, mitar tela ma haka. In ka aiki yaro ya ɗauko ma'auni a rumfar abinci, kwano zai kawo maka. Akwai "magwaji", ya fi kusa, don sanda ce da ake gwada tsawo da ita. Sai dai ni da na ji siffar abin, tsani ya faɗo mini, irin na gungumen da ake sassara wa matakai a jingina da rumbu. Shi ma jingina shi ake yi, kuma mataki-mataki ne. Ina ba da shawarar "tsanin rubutu".

Mai dambu, tasha:
Baba mushe, tsanin rubutu ya yi mini daɗi a baki. Amma ni na ja layukan nan biyu, tsawo ya daidaita, sai SHINKAFA DA WAKE ya ƙi shiga, WAKE ɗin ya hau kan kuɗi. Sai da na goge allon duka. To ina amfanin tsanin?

Mai fenti, Zango:
Hajiya, nan ne iyakarsa, bai san faɗi ba. Kafin ki taɓa allo ki nemo sunan da ya fi tsawo ki ƙirga shi har da filin tsakanin kalmomi. SHINKAFA DA WAKE 16 ne. A faɗin 70, cire 4 hagu 4 dama, cire 14 na gidan kuɗi, saura 48. Raba 16, kowane harafi ya samu 3 har da ɗan filinsa. Wato haruffa dogaye sirara za ki yi, faɗin biyu da rabi. I ba ya cin wuri, abin da ya rage sai ki ba W. In allonki bai kai haka ba, rage tsawon harafin zuwa 5 a duk layukan, kada ki matse layi ɗaya ki bar saura. Kuma wannan dogon sunan za ki fara rubutawa, ko da a tsakiya yake.

Kuɗin kuma ki fara daga dama, F ɗin 250F da na 500F su tsaya a kan juna.

Ɗan mai tuwo, Garin Malam:
Na gwada da yamman nan. Layuka sun miƙe, Alhamdu lillahi. Amma a TUWO, O ɗin kamar ya fi sauran ƙanƙanta, alhali ya taɓa layin sama da na ƙasa.

Mai fenti, Zango:
Idonka bai yi ƙarya ba. T da W suna zama a kan layi da faɗinsu, shi O da ɗan wuri kaɗan yake taɓawa. O da S da C, da gindin U, ka bar su su ɗan ƙetare layi da kamar milimita 2. Ƙugiyar Ɗ kuma ta hagu take fita, ka bar mata wuri a farkon layi, kada ka ɗaga ta sama ta shiga filin layin da ke bisa. Ka tsaya a manyan haruffa tukuna, layi biyu suke buƙata, ƙanana sai huɗu.

In za ka koma fenti, sunayen abinci kaɗai za ka yi da shi, kuɗi ka bar su da alli tunda farashi ba ya zama. Manna sikoc na takarda a layin sama da na ƙasa, buroshi ya hau kansa ba komai, ka ɓare tun fentin bai gama bushewa ba.

Tela a Sabon Gari:
To na karɓi gyara a kan foshuwar. Amma ni magwaji nake so. Tsani hawa ake yi, wannan kuwa ba a hawansa.

Mushe mai ritaya, Birni:
Haƙorin zarto ma ba ya tauna tuwo, malam tela, amma haƙori muke ce masa. Siffa ce ta ba da sunan.

Mai fenti, Zango:
Baba, ni ba na ƙin tsani, sai dai yarana sun saba da gabari, ban ɗauki alkawarin za su bari ba. Magwaji zan iya ba wa guntun katakon santimita 6 da nake dafawa jikin harafi in na rubuta kalma ɗaya ba tare da jan layi ba. Shi dabam ne da dogon.

Ɗan mai tuwo, Garin Malam:
Na karanta wa Inna duka. Ta ce a rataye mata tsanin a ƙusa bayan allo, kada yara su hura wuta da shi. Yaya mai fenti, kwalin ya fara lanƙwashewa saboda tururin tukunya, zan iya yinsa da siririn katako?