Bot ɗina ya sayi kaya sau uku lokacin da kasuwa ke shirin rufewa

Abba, Ƙofar Kaura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na rubuta bot na cinikin kuɗin kirifto da Python da ccxt. Daren jiya dandalin da nake ciniki a kansa ya shiga gyara. Bot ɗin ya tura odar saye ta 200 USDT, bai samu amsa ba, ya yi ta sake turawa duk daƙiƙa biyar. Da na tashi sallar asuba na tarar ya sayi na 600. Yaya zan yi in hana wannan?

Nura, Daura: Wa alaikumus salam. Wannan aikin netwok ne, ni ma ya sha yi mini. Ka daina barinsa a kwamfutar gida, ka kama hayar saba.

Abba: A saba yake, Nura. Daga can dandalin ne amsar ta yanke.

Hauwa'u: Ka saka wa kowace oda lambarka da `clientOrderId`. In ka sake turawa da lamba ɗaya, za su ƙi karɓar ta biyu, shi ke nan.

Malam Kabiru, Ƙofar Marusa: Hauwa'u ta kama hanya, amma da sauran magana. A ƙa'idar Binance, misali, ana ƙin lambar ne muddin odar farko tana nan buɗe. In ta riga ta cika, sai su karɓi sabuwa da wannan lambar. Odar da ke saye a farashin da ta tarar kuwa nan take take cika, to ka ga lambar kaɗai ba za ta cece shi ba.

Abba, ina kyautata zaton ka kama `NetworkError` ne ka ce a sake gwadawa. A ccxt, `RequestTimeout` da `OnMaintenance` duk a ƙarƙashinsa suke, alhali ba abu ɗaya suke nufi ba. Na biyun yana cewa an rufe, ka dakata. Na farkon cewa yake ba a san abin da ya faru ba: mai yiwuwa odarka ta shiga, amsar ce ta maƙale a hanya. Uku daga cikin naka haka suka yi. Kamar ka aiki yaro kasuwa da kuɗi ne bai dawo ba, kai kuma ka tura wani, ka ƙara tura wani, a ƙarshe dukkansu su shigo da buhu a ka.

Don haka in amsa ta yanke, bot ya daina tura komai. Ya ajiye lambar odar a fayil tun kafin ya tura, sannan ya riƙa tambayar dandalin labarin wannan lambar, yana ƙara tazara: daƙiƙa 2, 4, 8, har minti ɗaya. In ya yi ta ƙwanƙwasa ba hutu zai samu `429`, wato tambayar ta yi yawa, a Binance in ya ci gaba sai `418`, an toshe adireshin sabarsa ke nan. Kuma kada ya yarda da "babu wannan oda" sai kasuwa ta dawo daidai. Kafin kowace oda ya duba:

```python
if exchange.fetch_status()['status'] != 'ok':
    return
```

Ba kowane dandali ne ke da wannan ba, kuma bai isa shi kaɗai ba, don ana iya tsayar da kuɗi guda alhali sauran na tafiya. A Binance sai ka duba `status` na kuɗin a `exchangeInfo`. In ba `TRADING` ba ne, kada ka taɓa.

Abba: Malam, wallahi `NetworkError` ɗin na kama, kamar yadda ka zata. To gyaran da aka sanar tun da wuri fa?

Malam Kabiru: Wannan mai sauƙi ne. Sanarwar yawanci da lokacin UTC take, mu muna gaba da awa ɗaya, wato 02:00 nasu ƙarfe uku na dare ne a Katsina. Ni nakan tsayar da sabbin odoji minti goma sha biyar kafin lokacin. In an buɗe, bot ya fara karanto abin da ke asusu da odojin da ke buɗe, ya gwada da nasa lissafin, in sun saɓa ya turo mini saƙo ya jira. Ka lura kuma buɗewar ba lallai ta zo gaba ɗaya ba: dandalin Kraken na da matakan `cancel_only`, wato soke oda kawai, da `post_only`, wato saka odar da za ta jira farashinta kawai. Tsayawar bazata ita ce mai wuya, irin ta ranar 24 ga Maris 2023, da Binance ta tsayar da ciniki fiye da awa biyu saboda matsala a injin haɗa odoji.

Sadiya: Ni abin da ya same ni daban ne. Ina da odar tsayar da asara, kasuwa ta tsaya, da aka buɗe farashi ya riga ya tsallake iyakar da na saka, odar ba ta cika ba. Tun daga nan nake sayar da komai kafin gyara.

Hauwa'u: Ai kuɗin kamasho zai cinye ki in kina haka kowane lokaci. Ni rage yawa kawai nake yi.

Sadiya: Gara kamasho da abin da na gani ranar.

Abba: Na gode ƙwarai. Yanzu zan fara raba kurakuran nan biyu. Ragowar 400 ɗin kuma har yanzu suna hannuna, ban yanke shawarar sayarwa ba tukuna.