Abin da aka tattauna kan binciken rajistar zuwa aiki a Katsina

Masu kula da albashi sun fi daɗewa kan masu buga wa abokan aiki shiga. A rajistar takarda, a duba rubutu da biro: sunaye uku a jere da hannu ɗaya abin tambaya ne. A na'urar yatsa kuwa, dabarar tana faruwa tun ranar da ake ɗaukar yatsun ma'aikata, inda mutum zai sa yatsansa a gurbin yatsa na biyu na abokinsa. Alamarta ita ce lambobin ma'aikata biyu su riƙa shiga kullum cikin daƙiƙa 10 da juna, har ranar da ɗayan yake hutu. Maganinta a sake ɗaukar yatsu a gaban shugaban sashe.

Maimaicin bugu, wato mutum ya sa yatsa sau biyu a jere, bai ba da wahala ba. A jera bayanan bisa lamba, rana da lokaci. Bugu biyu cikin minti 2 a ɗauki na farko.

Wanda ya buga shiga bai buga fita ba, kada a yi saurin yanke masa albashi. Harmatan yana busar da yatsa, wuta ma tana ɗaukewa. In mutane da yawa suka rasa bugu lokaci ɗaya, na'urar ce. In mutum ɗaya ne, ya cike takardar gyara, shugabansa ya sa hannu kafin a rufe albashi.