Kaji shida a kindirmo tun daren Alhamis, zai yi?

Maman Husna: Salamu alaikum 'yan uwa. Sunan ƙanwata ranar Asabar ne, ni aka ɗora wa gashin kaji shida, na gidan gona. Ina so in jiƙa su a kindirmo da citta da tafarnuwa tun daren Alhamis. Bai yi yawa ba? Akwai firji.

Anti Ladi: Wa'alaikumus salam. Awa 36 ke nan, ya yi yawa ga kajin gona, don dama namansu mai laushi ne. Ki jiƙa da yammacin Juma'a. Tsamin kindirmo ne ke sassauta zaren naman har ya riƙe ruwa, shi ya sa ba ya bushewa a wuta. Tsaminsa bai kai na lemun tsami ba, a hankali yake aiki, amma a saman naman yake tsayawa. In ya wuce awa 24 sai saman ya yi laɓo-laɓo kamar dambu, ciki kuwa yana nan yadda yake. Ki tsattsaga cinyoyin, ki sa gishiri, shi ne ke shiga ciki.

Baban Sadik: Ki murza ɗanyar gwanda kawai.

Anti Ladi: Wannan sai naman sa mai tauri, Malam. A kazar gona kunu za ta dama.

Ummu Amir: Ni dai na tuba. Da babbar Sallah na jiƙa cinyar rago guda, aka ɗauke wuta cikin dare ban sani ba. Da asuba na buɗe roba, kumfa a sama, nama yana yauƙi, wari har tsakar gida. Ga surukata ta zo daga Gusau. Wallahi sai da na yi kuka.

Anti Ladi: Sannu 'yar uwa. Wannan zafi ne ya ɓata shi, ba kindirmo ba. Ɗanyen nama ba ya wuce awa 2 a waje, da zafin bazara ma awa 1.

Hajiya Iya: Mu fa shekara 30 muna jiƙawa a bakin randa, ba wanda ya mutu. Yaran yanzu komai sai an duba agogo.

Ummu Amir: Hajiya da girmanki, ni na ga abin da na gani.

Zee Kano: Maman Husna a turo adireshi, mu ne alƙalan ɗanɗano! Amma kar ki sa yogot na roba mai sukari, yana ƙonewa kafin nama ya gasu. Kwanon kindirmo 1,500 na saya.

Ummu Amir: A ina? 2,500 na saya jiya, kuma rabi ruwa.

Hajiya Iya: Ruwa ma da sauƙi. Har ɓargon kuka ake damawa a nono don ya yi kauri. Ki bar shi ya kwanta ki ga abin da zai taru a ƙasan kwano.

Maman Husna: To Anti, in kajin gida aka kawo fa, tsofaffi?