Neman kalma: takardar caji, kawunt, da abin da lauyoyi ke kira ingiridiyan

Hadiza: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan koyar da matasa 18 a nan Birnin Kebbi, masu raka mutanen unguwa kotu su taimaka musu da fahimtar takardu. Darasin shi ne yadda za ka karanta takardar caji ka ware ta gida uku: kowane kawunt daban, wato kowane zargi mai lambarsa, abubuwan da doka ta ce sai sun haɗu kafin a kira abu laifi, sannan abin da masu ƙara suka ce ya faru. Ina son kalma ɗaya tsayayya ga kowane gida, kuma gobe da yamma zan kai takardun wurin bugawa.

Ga misalin da na tsara. Manomi daga Argungu ya ajiye shinkafa shanshera buhu 40 a shagon wani ɗan kasuwa, ya dawo bayan wata biyu ya tarar da 15. Ana cewa mai shagon ya sayar wa wani direba buhu 25. Kawunt na ɗaya, su biyun, haɗa baki, sashe na 97 na Final Kod, kundin dokokin hukunta laifuka. Na biyu, mai shago shi kaɗai, cin amana, sashe na 312. Na uku, direba shi kaɗai, karɓar kayan sata, sashe na 317.

Nasiru: Aunty, ai takardar tuhuma ce, kowa ya santa. Kawunt kuma laifi na ɗaya, laifi na biyu, haka muke ji a labarai. Ita ce dai Ef-Ay-Ar ɗin da 'yan sanda ke kawowa ko?

Barista Sani: Takardar tuhuma ta zauna, Nasiru, amma sauran biyun da gyara. Ef-Ay-Ar rahoton farko ne da 'yan sanda ke gabatar wa majistare, sau da yawa labari ne dunƙule a sakin layi ɗaya, da sassan doka jere a sama. Takardar tuhuma kuwa tana ware kowane zargi da lambarsa, kuma a kan kowanne daban ake tambayar mutum ya amsa ko bai amsa ba. Direban nan yana iya musanta na ɗaya, ya amsa na uku, na biyu kuwa ba nasa ba ne sam.

Kiran kawunt "laifi na ɗaya" kuma ban yarda da shi ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar, to kada tafinta ya riga alƙali yanke hukunci da bakinsa. Bayan haka kawunt biyu suna iya zama laifi iri ɗaya. Da mai shagon ya sayar da buhu 10 a watan Janairu, ya sake sayar da 15 a Maris, mai gabatar da ƙara yana iya rubuta cin amana sau biyu. Ki sa tuhuma ta ɗaya, tuhuma ta biyu.

Hadiza: Na so haka, Barista, sai dai tuhuma ta zama sunan takardar duka, kuma sunan kowane yanki. In na ce wa yaro "karanta tuhumar", wacce zai karanta?

Baba Magatakarda: Ɗiyata, shekara 31 na yi ina karanta wagga takarda gaban alƙali kafin in aje aiki. Ban taɓa ganin wanda ya ruɗe ba in an ce mai tuhuma ta ɗaya. In duka kike nufi, ki ce takarda. Inda mutane ke faɗuwa wani wuri ne daban, zan zo gare shi.

Malam Bello: Ku dakata da kawunt, babbar maganar tana gida na biyu. Lauyoyinmu suna cewa ingiridiyan, sai 'yan fassara suka mai da shi sinadaran laifi, sai ka ce miya ake kaɗawa. Ni na daɗe da tawa kalmar: duwatsun murhun laifi. Tsohuwa a Kamba ko Bunza ba ta bukatar a yi mata bayani, ta san in ka janye dutse ɗaya tukunya ta kife. Duwatsun murhu Hausa ce tsantsa, ba aron Larabci, ba aron Turanci.

Ustaz Lawal: Malam Bello, a nan Gusau tun da aka fara aiki da kundin shari'a a shekarar 2000 rukunan laifi muke ji a bakin alƙalai da malamai, kuma ba baƙuwar kalma ba ce. Yaron da ya san rukunan Musulunci ya san rukuni: abin da in babu shi, abin bai tsayu ba.

Malam Bello: Ka ga irinta. Duk sanda Bahaushe ya nemi kalma sai a miƙo masa ta Larabci, ko a jira gidajen rediyon Kano su yanke mana. Mu da muke ƙasar Kanta, sai an ara mana baki? In ma dole ne, shika-shikai ta fi rukunai zama tamu.

Nasiru: Malam, tuhuma da shari'a da alƙali da hukunci duk daga Larabci suke fa. In za a kore su, kotun ma sai ta tashi.

Malam Bello: Waɗannan sun tsufa a gida, sun zama 'yan gida. Abin da nake ƙi shi ne a ƙaro sabo alhali muna da namu.

Barista Sani: Mu gwada su a kan buhunan Hadiza, a ga wadda za ta ɗauki kayan. Tuhuma ta biyu, cin amana. Sashe na 312 hukunci kawai ya faɗa, ma'anar laifin tana sashe na 311, don haka ki koya musu su koma baya su nemo sashen ma'ana. Abin da zai fito shi ne, an damƙa wa mutum dukiya ko iko a kanta, ya karkatar da ita ko ya mai da ita tasa ko ya sarrafa ta saɓanin yarjejeniya, kuma ya yi haka da rashin gaskiya. Uku ke nan, murhun Malam Bello ya zauna daram. To amma sata, a sashe na 286, tana son dukiyar ta zama mai ɗaukuwa, tana hannun wani, an gusar da ita, ba da yardarsa ba, da niyyar raba shi da ita ta rashin gaskiya. Biyar ke nan, wasu ma suna ƙirga shida. Yaron da aka koya wa murhu zai samu uku ya tsaya, ya bar biyu a baya, kuma wataƙila cikin biyun nan ne tuhumar ta gurgunce. Shika-shikai ma haka, kunne yana jin ta sai ya jira biyar.

Sannan Hadiza, lambobin nan na tsohon kundin Arewa ne. Jihohi da dama sun sabunta nasu, lambobi sun motsa. Su kwafi sunan dokar da lambar da ke kan takardar da ke hannunsu, su buɗe wannan kundin.

Malam Bello: Akwai murhu mai dutse huɗu in tukunya babba ce.

Ustaz Lawal: Barista, wata tambaya. Mu a fiƙihu muna raba rukuni da sharaɗi. Ruku'u yana cikin salla, alwala tana wajenta. A satar haddi, cikar nisabi da fitar da kaya daga ma'ajiyarsu sharuɗɗa muke ce musu. Shin ingiridiyan ɗinku ya haɗa duka biyun?

Barista Sani: Ya haɗa. Duk abin da mai ƙara zai tabbatar kafin a kama mutum da wannan sashe, ciki yake. A nan rukunai ta ɗan gaza, na yarda.

Umaima: Don Allah Barista, ƙanena yana tsare mako uku ke nan a kan mashin ɗin da ya saya a kasuwa, an ce na sata ne. Takardarsa ma 317 aka rubuta. Shi ke nan za a ɗaure shi?

Barista Sani: Umaima, rubuta lamba ba hukunci ba ne. Bayan an nuna mashin ɗin na sata ne kuma an same shi a hannunsa, sai an nuna ya sani, ko yana da dalilin da zai sa ya gane na sata ne, kuma ya karɓa da rashin gaskiya. Ku adana rasit, ku nemo wanda aka yi cinikin a gabansa, ku sami lauya ya nemi beli.

Baba Magatakarda: To ga inda na ce zan zo. Gida na ukku shi ne mai haɗari. Takarda tana farawa ne da "cewa kai wane, a rana kaza ko kusa da ita, a wuri kaza". Na sha ganin tafinta ya haɗiye wannan "cewa", ya dubi mutum ya ce "kai ka sayar da buhu 25". Mutum shina tsaye cikin akwati, gwiwa na rawa, ya ce "ƙwarai na sayar", don a ransa mai shinkafar ne ya ce ya sayar in farashi ya tashi. Ya amsa sayarwa, bai amsa rashin gaskiya ba, amma kunnen da bai natsu ba zai ji kamar ya amsa tuhuma. Don haka kada ki sa wa gidan nan suna "abin da ya faru". Ki sa "abin da ake zargin ya faru", ko da ya yi tsawo.

Kuma ki sa su ɗora kowane zance a gaban rukuninsa. An damƙa: buhu 40, ajiya. An karkatar: an sayar da 25. Rashin gaskiya: mi takarda ta ce? Galibi kalmar kawai za a gani, ba bayani. Su sa alama a wurin, nan ne za a saurari shaidu. Tuhumar haɗa baki ma haka, su nemi inda aka ce mutanen biyu sun yi yarjejeniya, don saye da sayarwa kaɗai ba haɗa baki ba ne.

Hadiza: Baba, wannan na ɗauka gaba ɗaya. Saura abu ɗaya da ya tsaya mini. Tuhuma ta uku ta ce kayan sata, alhali ba wanda aka tuhuma da sata. Manomin da hannunsa ya kai shinkafar.

Barista Sani: Sashe na 316 ya shigar da kayan da aka ci amana a kansu cikin ma'anar kayan sata. A doka daidai ne, a kunnen Bahaushe kuwa da karo. Direban zai ce "ai ba sato ta aka yi ba", kuma a fahimtarsa gaskiya ya faɗa. Ni ina barin kayan sata, in ƙara jimla ɗaya ta bayani.

Nasiru: Kayan haram fa?

Ustaz Lawal: A'a, giya ma kayan haram ce. Ta yi faɗi.

Hadiza: To zan buga takardar tuhuma, tuhuma ta ɗaya zuwa ta uku, rukunan laifi, da abin da ake zargin ya faru. A ƙarƙashin rukunai zan rubuta "duk abin da sai an tabbatar", saboda maganar Ustaz. Kayan sata na bar shi yadda yake, ban gamsu ba, in wani ya samo wadda ta fi kafin gobe da la'asar ina jira. Malam Bello, murhunka zan yi misali da shi da baki, in na zo kan cin amana.

Malam Bello: Da baki kawai. To, ki dai faɗa musu daga Gwandu ta fito, kuma ki tambaye su bayan mako ɗaya wacce suka riƙe.